Minti Shida a Kowace Tasha: Kundin Atisayena na Intabiyun Likitanci

Asabar, 2 ga Nuwamba

Saƙon gayyata ya shigo jiya bayan la'asar. Ɗaya daga cikin jami'o'i huɗu da na nema a nan Ingila ta kira ni intabiyun shiga karatun likitanci ranar 10 ga Disamba. Irin wanda ake kira MMI ne. Ba zama ɗaya za a yi gaban malamai uku ba, tashoshi bakwai ne, minti shida a kowace, da minti ɗaya na karanta tambaya a bakin ƙofa. Ƙararrawa na kaɗawa sai ka tashi, ko da magana ce a bakinka.

Jami'ar McMaster ta Kanada ce ta fito da tsarin a farkon shekarun 2000, da tashoshi goma masu minti takwas-takwas. Hujjarsu ita ce, mai intabiyu ɗaya jininsa kan haɗu da naka ko ya ƙi haɗuwa, kuma mutum kan yi kyau a wani yanayi ya kasa a wani. Idan mutum bakwai suka gan ka, kowa bai san makin da ɗan'uwansa ya ba ka ba, tuntuɓe ɗaya ba zai kayar da kai ba.

Tambayoyin "me ya sa kike son likitanci" ba su dame ni ba. Waɗanda nake tsoro su ne na ɗa'ar aiki: riƙe sirrin majinyaci, neman amincewarsa, da rabon abin da bai isa kowa ba. Yayata nas ce, shekararta tara tana aiki, ta yarda ta zama mai ba da maki duk Asabar. Kawu, ƙanen Mama, zai riƙa fitowa a majinyaci. Da Turanci za mu yi tashar, tunda da shi za a yi ta gaske, mu yi bita da Hausa. Yaya za ta manna tambaya a ƙofar kicin, in karanta a tsaye, wayata kuma tana ɗaukar murya.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na haddace ginshiƙai huɗun da kowane mai shiri yake haddacewa: 'yancin majinyaci a kan jikinsa, yi masa abin da zai amfane shi, kauce wa cutar da shi, da adalci. Na kira Yaya na jero mata. Ta ce kowa da zai zo ranar ya san su, ba wanda zai ba ni maki don na jera su.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Tashar farko, kuma ta yi mini zafi.

Abin da ke ƙofa: mutum ɗan shekara 41, direban ƙaramar motar kai kaya, an tabbatar yana da farfaɗiya, ta kayar da shi sau biyu cikin wata uku. An ce ya daina tuƙi. Yau ya zo ya ajiye makullin mota a kan teburin likita. Ki yi magana da shi.

Kawu ya zauna da hularsa a gwiwa yana kaɗa makullin. Daga rikodin na ƙirga, daƙiƙa arba'in kacal na yi kafin in ce masa dole in sanar da DVLA, hukumar da ke ba da lasisin tuƙi. Sai ya kalle ni ya ce, "To likita, da na sani da ban faɗa miki gaskiya ba." Ya yi shiru. Sauran minti biyar ɗin ni kaɗai na yi ta magana.

Yaya ta ba ni biyu cikin biyar. Ta ce inda na sauka ba laifi ba ne, hanyar da na bi ce ba ta yiwu ba. Muka buɗe ƙa'idar hukumar likitoci ta GMC a kan sirri muka karanta tare, sai na ga abin hawa-hawa ne. Nauyin sanar da DVLA a wuyan direban yake, ba a wuyan likita ba. Aikin likita na farko shi ne ya tabbatar mutumin ya gane cewa ciwonsa ya shafi tuƙi kuma doka ta ɗora masa sanarwa. Idan bai yarda da binciken ba, a ba shi damar ganin wani likita, amma kada ya yi tuƙi kafin nan. Idan ya ci gaba, a yi iya ƙoƙari wajen shawo kansa, har a sa iyalinsa a maganar idan ya amince. Sai duk wannan ya ci tura, kuma tuƙinsa na iya jawo wa wasu mutuwa ko mummunan rauni, sannan likita ya tuntuɓi likitan hukumar, ya faɗi abin da ya shafi tuƙin kaɗai. Kuma ya yi ƙoƙarin gaya wa majinyacin kafin ya yi, ya rubuta masa bayan ya yi.

Ni daga matakin ƙarshe na fara.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na kwana da maganar Kawu. Ita ce ma amsar tambayar da ban yi wa kaina ba: me ya sa ake riƙe sirri tun farko? Ba don kunya kaɗai ba. Idan masu farfaɗiya suka ji cewa likita na jin labari zai ɗaga waya, za su daina faɗa, su ci gaba da tuƙi ba magani. Hanya ta fi zama haɗari ke nan. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma a wannan aikin shirun likita ma kariya ce ga mutanen da ke kan titi.

Na nemo abubuwan da ya kamata su kasance a bakina. Mai lasisin ƙaramar mota da ke da farfaɗiya yakan dawo tuƙi idan ya yi wata 12 ba ta kayar da shi ba. Wanda ya ƙi sanarwa za a iya cin tararsa har fam 1,000, kuma inshorarsa na iya zama banza idan ya yi hatsari. Wanda aka hana lasisi saboda ciwo yana iya neman katin shiga bas kyauta. Waɗannan ba don burga ba ne. Mutumin da ke tsoron rasa abincinsa yana buƙatar ya ji cewa shekara ɗaya ce, ba har abada ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun maimaita. Wannan karon da tambaya na buɗe: na ga makulli, yaya ka zo yau? Kawu ya ce da mota. Na ce me ya fi damunka a maganar daina tuƙin? Ya sunkuyar da kai ya ce 'ya'ya uku, kuɗin haya, kuma maigidansa a wurin aiki bai sani ba. Daga nan hira ta buɗe. Na tambaye shi wa yake ɗauka a motar da safe, ya ce yaran, zuwa makaranta. Ban ƙara komai ba, na bar shi da amsarsa na ɗan lokaci. Sai a minti na huɗu da rabi na gaya masa a fili cewa na fi son shi ya sanar da hukumar da kansa, zan taimaka masa da takardun, amma idan ya ci gaba da tuƙi zan sanar da su, kuma ba zan yi a ɓoye ba.

Huɗu cikin biyar. Makin da ya zube saboda Kawu ya ce, "Kuma za ki gaya wa maigidana?" sai na yi inda-inda. Amsar ita ce a'a. Hujjar da ta buɗe mini ƙofar hukumar lasisi ba ta buɗe mini ta wurin aikinsa ba. Shi zan ƙarfafa ya faɗa da bakinsa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Yau mun shiga amincewa, kuma nan ne abin ya taɓa ni a gida.

Tambaya: dattijo ɗan shekara 74, ba ya jin Turanci sosai, gwaji ya nuna kansar hanji. Ɗansa ya tare ki a baranda, ya ce kada a gaya wa mahaifinsa don zuciyarsa za ta karye, shi zai sa hannu a takardar tiyata. Kawu ya fito a ɗan, kuma bai sha wahalar wasan ba, domin shi ne ya yi wannan roƙon da kansa lokacin ciwon Hajiya kakarmu a Zariya. Likita ya kira manyan 'ya'yanta waje, aka yi shawara, aka ce mata gyambon ciki ne. Har ta rasu ba wanda ya furta sunan ciwon a gabanta. Don ƙauna aka yi, kuma ba zan taɓa cewa ba haka ba ne.

Shi ya sa da Kawu ya ce, "Ke ma 'yar gida ce, kin san yadda muke yi," sai na ji bakina ya ce za mu duba yadda za a yi. Yaya ta tsayar da agogo, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Wa ya ba shi hannun da zai sa?"

A dokar Ingila da Wales ta 2005 a kan ikon yanke shawara, duk baligi ana ɗaukarsa yana da ikon yanke wa kansa hukunci har sai an tabbatar da akasin haka. Ɗa ko miji ko mata ba su da ikon amincewa a madadinsa don kawai su ne makusanta, sai dai in shi ya wakilta wani a rubuce bisa doka ko kotu ta naɗa, kuma wakilcin lafiya ba ya fara aiki sai ikon nasa ya gushe. Rashin Turanci ba gushewar hankali ba ne. Tafinta yake buƙata, kuma ba ɗan nasa ba, domin wanda ya ce kada a faɗa ba zai fassara abin da ba ya so a ji ba.

Na ce wa Yaya, to sai in shiga in ɗora wa tsoho labarin da ƙila shi ma ba ya son ji? Ta ce a'a, tambayarsa za ki yi. Kafin a faɗi sakamako, ta bakin tafinta, a ce: Baba, sakamako ya fito. Akwai masu son jin komai dalla-dalla, akwai masu son a taƙaita, akwai masu son a yi maganar da iyalinsu a wurin. Kai yaya kake so? Idan ya ce a sa ɗansa a ciki, shi ya zaɓa. Sai dai ko ya ce ba ya son bayani mai yawa, ba za a yanka shi ba sai ya san me za a yi masa da dalilin yi, kuma idan ya yi tambaya kai tsaye ba za a yi masa ƙarya ba.

Kawu ya daɗe bai ce komai ba. Da ya tashi tafiya, yana sa takalmi, ya ce Hajiya ta taɓa ce masa ya kira mata malamin da zai rubuta wasiyyarta, shi kuma ya ce ta bar wannan maganar, za ta warke. Ya ce yanzu yana ganin ta sani.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Ni kaɗai na yi atisaye, sau uku, a kan matar da ta ƙi a yanke mata ƙafar da ciwon suga ya ruɓar. Abin da ake dubawa huɗu ne: ta fahimci bayanin, ta riƙe shi har ta yanke shawara, ta auna shi, ta iya faɗin abin da ta zaɓa. Idan ta cika su, ƙin nata ya zauna ko da zai kai ta ga mutuwa, domin dokar ta ce zaɓin da wasu ke gani wauta ne ba ya nuna rashin iko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda na gyara: da ina tambayar "Kin gane?", wanda kowa zai ce e. Yanzu ina cewa ta faɗa mini da kalmominta abin da zai faru idan ba a yi aikin ba. Kuma ina tuna cewa ƙafar da ta ruɓe na iya sa zazzaɓi da ruɗewa, don haka idan maganarta ba ta haɗuwa, a magance wannan a sake tambaya, muddin akwai lokaci.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Hanta ɗaya, mutum biyu. Namiji ɗan shekara 52 wanda giya ta lalata masa hanta, wata takwas bai sha ba. Mace 'yar shekara 28 wadda garkuwar jikinta ce ta cinye tata. Wa za a dasa wa?

Wannan tashar ba ta wasa ba ce, Yaya ce ke tambaya kai tsaye. Na ce macen, na kawo ƙuruciyarta, amma a ƙarshe na faɗi abin da ke raina: shi ya jawo wa kansa.

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, mai ciwon sugan da ya ƙi bin ƙa'idar abinci fa? Mai babur da ya yi gudun wuce sa'a? Baba da likita ya hana shi gishiri, kin ga ya bari? Idan za a raba magani da ma'aunin laifi, wa zai riƙe ma'aunin?

Na san daga inda hukuncina ya fito. Na taso a gidan da giya haram ce, har yau haka take a wurina. Amma wannan tsakanina da Ubangijina ne, ba a ba ni gadon asibiti don in hukunta wani da shi ba. Ba ni kaɗai ke da wannan raunin ba ma. Lokacin da aka yi wa ɗan ƙwallon nan George Best dashen hanta a 2002, ya koma shan giya, ya rasu a 2005, an yi ta wannan muhawarar a ƙasar nan. Mai ba da maki ya san yawancinmu da ita za mu shigo, yana jira ya ga wa zai iya raba fushinsa da aikinsa.

Muka sake gina amsar daga tushe. Farko, abin da takarda ba ta faɗa ba: rukunin jininsu da girman jikinsu sun dace da hantar? Wannan kaɗai na iya kashe gardamar. Wa zai riga mutuwa idan bai samu ba, wa zai iya jiran ta gaba? Wa zai fi daɗewa da ita? A nan ne giya ke da hurumin shigowa, a matsayin tambayar lafiya ba ta laifi ba: yaya yiwuwar ya koma sha ya lalata sabuwar hantar, yana da masu tallafa masa, zai riƙe magungunan hana jiki ƙin dashen da ake sha har ƙarshen rayuwa? Tambayar riƙe magani ita ma macen za a yi mata. Sannan ba likita ɗaya ke zaɓa a tsaye ba. A Birtaniya akwai jerin masu tsananin gaggawa da ake fara dubawa, kuma tun 2018 akwai tsarin ƙasa da ke kwatanta tsawon ran da ake sa ran mutum zai yi da dashe da wanda zai yi ba dashe.

Sai Yaya ta matsa: duk sun yi daidai, ke za ki zaɓa. Na fara zagaye-zagaye. Ta ce ƙin amsawa ma faɗuwa ce. Na ce idan gaggawarsu ɗaya, dacewarsu ɗaya, zan karkata ga macen saboda shekarun da za ta amfana sun fi yawa, amma idan namijin ne ba zai kai wata mai zuwa ba ita kuma za ta iya jira, shi zan ba. Kuma wanda bai samu ba yana nan a jerin, ana ci gaba da kula da shi. Ta rubuta huɗu.

Laraba, 4 ga Disamba

Na saurari rikodin goma sha ɗaya a jere da biro a hannu, ina rubuta daƙiƙar da na fara yin tambaya da daƙiƙar da na yanke hukunci. A duk tashar da na samu biyu ko uku, hukunci ya riga tambaya. Direban na kai shi ƙara kafin in ji tsoronsa. Dattijon na kusa sallama shi ga ɗansa ban ji ta bakinsa ba. Mai hantar na yanke masa ban tambayi rukunin jininsa ba. Da ina ɗauka darussa uku nake koyo, ashe cuta ɗaya ce ke fitowa ta ƙofa uku.

Minti ɗaya na bakin ƙofa yanzu ga yadda nake kashe shi: wa abin ya shafa, me ban sani ba, wa zan fara tambaya. A ciki kuma, wajen minti biyu na ji da tambaya, biyu na auna ɓangarorin, ɗaya na faɗin matsayata da abin da zai sa in canza ta. Na ƙarshen ina barinsa don tambayar bazata.

Asabar, 7 ga Disamba

Cikakken zagaye, tashoshi bakwai, daga falo zuwa kicin zuwa ƙasan bene. Ƙanwata ce mai ƙararrawa, da cokali da murfin tukunya. Biyar sun tafi daidai.

Ta shida Yaya ta ɓoye mini ita: ke ɗalibar likitanci ce, ƙawarki ta ajinku ta gaya miki sirrin wata majinyaciya da ta gane 'yar unguwarku ce. Na amsa kamar ni ce babbar likitar sashen, ina ta ba da umarni. Ban karanta matsayin da aka ba ni ba. Ɗaliba za ta tsayar da ƙawar, ta gaya mata illar abin, ta ba ta damar kai kanta wurin mai kula da su, in ƙawar ta ƙi, ɗalibar da kanta ta nemi mai kula da su. Kuma abin da ta ji ya tsaya a kunnenta. Abin da ya fi damuna shi ne na ɗauki ɓacin ran na shiga da shi tasha ta bakwai, na ɓata rabin mintin karatu ina tunanin wadda ta wuce. Yaya ta ce wanda ke cikin ɗaki na gaba bai ga komai ba, in ja numfashi a bakin ƙofa in karanta sau biyu.

Talata, 10 ga Disamba

An yi. Kafin mu shiga sun sa mu amince cewa ba za mu faɗi abin da ke cikin tashoshin ba, don akwai waɗanda ba a yi musu ba tukuna. Kawu ya kira tun ina cikin jirgin ƙasa, ya ce direbansa ya fito? Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, na yi alkawari." Ya ce Allah ya yi albarka, ya ba da sa'a.

Abin da zan iya rubutawa game da ni ne. A tasha ɗaya ƙararrawa ta kaɗa ban kai ga faɗin matsayata ba, saboda na daɗe a wurin tambaya, ciwon ya juya ta ɗaya gefen ke nan. Sakamako sai bayan sabuwar shekara. Wata jami'ar ta kira ni a Janairu, tashoshinta minti biyar ne, don haka ranar Asabar za mu rage agogo da minti ɗaya. Yaya ta ce za ta kawo labarin yarinya 'yar shekara 15 da ta zo neman maganin hana ɗaukar ciki ba da sanin iyayenta ba, ta ce in karanta shari'ar Gillick ta 1985, wadda aka yanke a kan irin wannan batun, kafin nan.